Aminin mahaifina ya turo mini kuɗi, ɗansa kuma yana neman aiki a wajenmu

Nasiru: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema, kuma lokaci ya ƙure mini. Satin da ya wuce aka yi wa maiɗakina tiyata. Wani dattijo, aminin marigayi mahaifinmu, wanda Baba muke ce masa tun muna yara, ya zo dubiya asibiti. Washegari sai na ga kuɗi sun shigo asusuna daga wajensa, sun kai albashina na wata biyu. A wurin ƙanena ya karɓi lambar asusun. Da na kira shi sai ya ce, "A sayi magani, Allah ya ba ta lafiya."

Inda gizo ke saƙar shi ne, ɗansa yana cikin waɗanda suka nemi aiki a ma'aikatarmu, ni kuma ina cikin mutum uku da za su yi musu intabiyu nan da kwana goma. Baba ya san haka, don shi da bakinsa ya gaya mini yaron ya nema. Bai ce in yi komai a kai ba. Ban zarge shi ba, mutumin kirki ne. Kuɗin kuma ina buƙatarsu, akwai bashin asibiti a kaina. Amma ban taɓa su ba, zuciyata ta ƙi kwanciya. Ina so in mayar. Ta yaya zan yi ba tare da na ci fuskarsa ba?

Bashir: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara mata lafiya. Gaskiya ɗan'uwa ni ban ga abin damuwa ba. Ai ba a mayar da hannun kyauta baya. Ba ka roƙa ba, ba ka sa rai ba. Lokacin da Annabi (SAW) ya ba Sayyadina Umar dukiya ya ce a ba wanda ya fi shi buƙata, ai ce masa aka yi ya karɓa, abin da ya zo maka na dukiya ba tare da ka sa ido ko ka roƙa ba ka karɓa. Ka biya bashinka, ranar intabiyu ka yi adalci. Shi ke nan.

Sadiya: Ranar intabiyun ce matsalar ai, Malam Bashir. In baki ya ci ido sai ya ji kunya. Ka ɗauka yaron ya zo na huɗu, mutum uku ake so. Da wane ido zai kalli Baban? In kuma yaron ya cancanta ya ci da guminsa, ranar da wani ya ji labarin kuɗin an gama da sunan Nasiru, an gama da na yaron ma.

Ni shawarata, kada ka mayar masa, don zai ji ciwo. Ka bayar da su sadaka gaba ɗaya, ka ga ba ka ci ba, shi kuma bai sani ba.

Malam Habu: Allah ya ba iyali lafiya, Nasiru. Bari in fara da tambaya ɗaya kafin in ce komai. Kafin ka samu wannan kujerar, Baba ya saba yi maka kyauta? In ya saba, kamar wace iri?

Nasiru: Ya saba, Malam. Shi ya biya mini kuɗin jarrabawa shekarar da mahaifinmu ya rasu. Lokacin aurena ma ya yi abin da ya sawwaƙa. Amma bai taɓa ba ni ko kashi ɗaya cikin huɗu na wannan ba.

Malam Habu: To madalla, amsarka ta sauƙaƙa abin. Hadisin da Bashir ya kawo ingantacce ne, amma a kan rabon da shugaba yake yi wa ma'aikacinsa ne, babu wani mai buƙata da ke jiran hukuncin Umar a cikinsa. Wanda ya fi kusa da halin da kake ciki shi ne na Ibnul Lutbiyya, wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ce wannan naku ne, wannan kuma kyauta aka yi mini. Annabi (SAW) ya ce, me ya hana shi zama a gidan ubansa ko uwarsa ya ga ko za a kawo masa kyautar?

Daga nan malamai suka yi maganar alƙali. Suka ce wanda ya saba yi masa kyauta tun kafin ya hau kujera, babu laifi ya ci gaba da karɓa, da sharaɗi biyu. Kada kyautar ta wuce yadda aka saba, kuma kada mai kyautar ya kasance yana da shari'a a gabansa. Kai ba alƙali ba ne, amma ranar intabiyu hukunci za ka yanke tsakanin mutane. Baba ya cika maganar sabo. Sauran biyun ne babu: kuɗin sun ninka abin da aka saba, kuma ɗansa yana gabanka. Ba sai ka shiga zuciyarsa ka bincika niyyarsa ba. Wataƙila tsakani da Allah ya yi. Nauyin dai yana hawa kanka ko da niyyarsa fara ce tas.

Sadiya, kin yi daidai a rabin farko. Amma sadakar ɓoye ba ta warware komai. A wurin Baba, Nasiru ya karɓa. A takardar banki, Nasiru ya karɓa. Sai ya zama ya rasa kuɗin kuma nauyin yana nan daram. Nauyi a tsakanin mutum biyu yake, ba ya sauka sai ɗayan ya san an sauke.

Sadiya: Na yarda da wannan, Malam. Amma in ya gaya wa Baban fa, ya ce na bayar da su sadaka da sunanka, lada naka?

Malam Habu: Wannan ta fi ciwo. Mutum ya ba ka don ka sayi wa matarka magani, ka ce masa ka rabar. Ka yi iko da dukiyarsa, wato ka karɓa ke nan, sannan ka nuna masa ba ka buƙatarta. In shi da kansa ya ce a kai wa wani mara lafiya bayan an mayar masa, wannan dabam, shi ya zaɓa.

Auwal: Ni dai ina ganin kawai ka tura masa abinsa yanzun nan ta asusun da ya turo, ka rubuta masa saƙo cewa dokar aiki ta hana. In ya yi fushi ya yi. Irin waɗannan mutanen sun san abin da suke yi, toshiyar baki ce aka naɗe ta da dubiya.

Hajiya Rabi: A'a Auwal, kada ka sa shi ya yi abin da zai daɗe yana gyarawa. Mutumin da ya biya wa maraya kuɗin jarrabawa ba a mayar masa da kuɗi ta waya kamar ɗan kasuwar da ya turo bisa kuskure. Dattijo yana zaune sai kawai ya ga kuɗinsa sun dawo, babu sallama babu gaisuwa? Wannan gwasalewa ce.

Nasiru ɗana, ka je da ƙafarka. Kada ka wuce gobe ko jibi, don kowace rana kuɗin suka ƙara a wajenka ƙara zama naka suke yi, kuma in ka bari sai ana gobe intabiyu, zai ɗauka ka riga ka duba takardun yaron ka ga ba zai ci ba. Ka zaɓi lokacin da ka san ba shi da baƙi. Kada a yi a gaban matansa, kada a yi a gaban yaron, kada ka tafi da aboki. Abin da mutum zai haƙura da shi ku biyu, ba zai haƙura ba in akwai ido na uku.

Kuma kada ka fara da maganar kuɗi. Ka fara da jikin mai jiki, ka gaya masa yadda ta kwana, ka ce tana gaishe shi tana godiya da dubiya. Ka tuna masa kuɗin jarrabawar nan, ka ce ba ka manta ba. Sai ya tabbata ka zo a matsayin ɗa, sannan ka shigo da abin da ya kawo ka.

Malam Habu: Hajiya ta faɗi abin da ya fi muhimmanci. In ƙara da kalmomin kansu, don a nan mutane suke ɓata rawarsu da tsalle.

Sa'abu ɗan Jassama ya kawo wa Annabi (SAW) kyautar jakin dawa a kan hanyar Makka. Annabi ya mayar masa. Da ya ga abin da ya bayyana a fuskar mutumin sai ya ce masa, ba mu mayar maka ba sai don muna cikin harami. Ku duba abin da ya yi. Ya lura da fuskar mai kyautar. Bai bar shi ya tafi yana saƙe-saƙe ba, nan take ya faɗi dalili. Dalilin kuma a kan halin da shi mai mayarwa yake ciki ya ɗora shi, bai taɓa kyautar ko mai ita da wani aibi ba. Sannan dalili ne mai wucewa, harami ana fita daga cikinsa, wato ƙofa a buɗe take gobe.

Haka za ka yi. Kada kalmar cin hanci ko "kada a ce" ta fara fitowa daga bakinka da sunansa a ciki. Ka ce wani abu kamar haka: "Baba, abin da ka yi mini uba ne kawai yake yin sa. Sai dai an ɗora mini amanar da ta ɗaure mini hannu a kwanakin nan. Ina cikin masu tantance yaran da suka nemi aiki, ƙanena kuma yana cikinsu. In kuɗin nan suka zauna a wajena, ranar da ya ci da ƙoƙarinsa za a ce saya masa aka yi. Ba na so a ɓata masa suna tun bai fara ba. Ka yi mini alfarma ka riƙe su a wajenka."

Ka ga a nan kai ne mai neman alfarma, shi ne mai yi. Girmansa yana nan.

Abu ɗaya kuma, kada ka ce masa ba ka buƙata. Ya je asibitin, ya san tsadar tiyata. In ka ce Alhamdu lillahi komai ya wadata, ya san ba haka ba ne, sai ya fara neman dalilin gaskiya da kansa, kuma abin da zai fara zuwa masa shi ne ka raina shi ko ka zarge shi.

Bashir: To amma Malam, ba zai fi sauƙi ya ce masa ya mayar da kuɗin rance ba? Ya ce Baba na karɓa amma bashi ne, zan biya a hankali. Ai Annabi ma lokacin Hijira a 622 da Abubakar ya ba shi taguwa cewa ya yi sai dai da kuɗinta. Ga buƙata ta biya, ga ba kyauta ba ce.

Malam Habu: Wannan dabara ce mai kyau a wani wajen, Bashir. In abin da kake gudu gori ne, ko kada wani ya ji yana da iko da kai gobe, biyan kuɗin abu ko mayar da shi rance yana tsare mutunci. Amma Abubakar ba shi da ɗa a gaban kwamiti. A halin Nasiru rance ya fi kyauta ɗaurewa, don zai zauna ya yi wa ɗan mai binsa bashi tambayoyi. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski, ko ladan na aro ne.

Ladi: Ni ta ɓangaren aiki zan yi magana, don na daɗe a sashen ɗaukar ma'aikata. Ko ka mayar da kuɗin ko ba ka mayar ba, akwai abin da ya kamata ka yi tun ranar da ka ga sunan yaron: ka sanar da shugaban kwamitin a rubuce cewa akwai alaƙa ta kusa tsakaninka da ɗaya daga cikin masu nema, ka nemi a cire ka daga ba shi maki. Layi uku ya isa. Ba sai ka ba da tarihin gidanku ba.

Game da mayarwa kuma, na yarda da Hajiya ka je da ƙafarka, amma kada ka ciro kuɗin ka kai a ambulan. Ta banki suka shigo, ta banki ya kamata su koma, zuwa asusun da suka fito, adadinsu cif ba ragi ba ƙari. In ka kai a hannu, abin da ya rage a rubuce shi ne shigarsu, fitarsu babu shaida. Ka je ku yi magana, in ya amince ka tura kana zaune a gabansa ko da ka fito, ka ajiye shaidar.

Auwal: To in dai zai janye daga ba yaron maki, ai magana ta ƙare, sai ya ci kuɗinsa. Me ya rage?

Ladi: Sauran mutum biyun abokan aikinsa ne, kullum tare suke. Duk wanda bai samu aikin ba cewa zai yi ya raɗa musu. Janyewa tana rage zargi, ba ta goge kuɗin da suka shigo kwana goma kafin intabiyu.

Hajiya Rabi: Ku bar ni in kawo tawa, don ba kullum ne akwai ofis da za a jingina da shi ba. Bayan rasuwar maigidana, wani ɗan'uwansa na nesa ya ɗauki nauyin karatun 'yata ta biyu. Na yi godiya na karɓa. Shekara ta zagayo sai ya fara faɗin abin da za ta karanta, daga baya ya fara maganar wanda ya dace da ita. Babu mugunta a ciki, shi a ganinsa tun da yana biya yana da ta cewa. Da na ga haka na je na same shi, na ce Yaya, ka sauke mana nauyi a lokacin da ba mu da kowa, yanzu na fara samu, ka bar ni in gwada ɗauka, in na gaza kai zan fara zuwa wa. Sannan na roƙe shi abu ɗaya, ya riƙa kiranta yana tambayarta karatu, don tana jin maganarsa.

Abin da nake so Nasiru ya ɗauka shi ne wannan na ƙarshen. Mai alheri in ka rufe masa ƙofa ɗaya ka buɗe masa wata, ƙarama wadda ba ta da nauyi. Ka ce ya sa ta a addu'a. Ka ce in an sallame ta ya zo gida ya sa muku albarka. Ka nemi shawararsa a kan wani abu na gaske. Abin da yake so shi ne ya kasance yana da wuri a rayuwarku, kuɗin hanya ce kawai.

Sadiya: Hajiya, shi ɗan'uwan nasa ya karɓi maganar da daɗi?

Hajiya Rabi: Bai karɓa da daɗi ba. Ya ɗauke ƙafa na wani lokaci. Yanzu muna gaisawa lafiya, amma ba kamar da ba. Ba zan ce muku babu asara ba.

Nasiru: Na gode ƙwarai, iyaye da 'yan'uwa. Abin da nake tsoro shi ne na san Baba. Zai ce, "Ni za ka mayar wa kuɗi? Da mahaifinka yana raye za ka yi haka?" Yana iya rantsewa ma cewa ba zai karɓa ba. In ya kai nan me zan ce?

Malam Habu: Ka sa rai zai ƙi sau ɗaya ko biyu, wannan dole ne, shi ma yana kare nasa mutuncin. Kada ka shiga kawo sababbin hujjoji, duk hujjar da ka ƙara ka ba shi abin da zai rushe. Ka tsaya a kan guda ɗayar, ka maimaita ta da taushi. In ya kawo mahaifinka, ka ce, "Baba, tarbiyyar da kuka yi mana kai da shi ita ce ta kawo ni."

In ya rantse, kada ka tura a ranar. Ka ba shi haƙuri ka tashi. Ka nemi wani sa'ansa wanda yake jin nauyinsa kuma mai riƙe sirri, mutum ɗaya tak, ya je ya yi masa bayani. Dattijo yakan karɓi magana daga tsaransa wadda ba zai karɓa daga ɗan cikinsa ba. Maganar rantsuwar kuma akwai kaffara, kuma wanda ya rantse a kan abu ya ga waninsa ya fi alheri, umarnin da aka yi masa shi ne ya yi wanda ya fi alherin ya yi kaffara. Amma wannan ba kai za ka gaya masa ba, sa'an nasa ne zai faɗa.

Kuma ka kula da kalma ɗaya. Kada ka ce "ka riƙe sai bayan intabiyu". In ka faɗi haka ka mayar da kuɗin lada mai jiran sakamako.

Bashir: A nan ne ban gamsu ba. Ku ce yaron bai samu aikin ba, bayan wata uku Baba ya sake kawo taimako, ga bashin asibiti yana nan. Shi ma ya ƙi? Sai yaushe mutumin nan zai sake iya yi wa ɗan amininsa alheri?

Malam Habu: In maganar aikin ta wuce gaba ɗaya, babu wata buƙata a gabansa, kuma abin daidai yake da yadda aka saba, ni ban ga laifi ba. Annabi (SAW) yana karɓar kyauta yana kuma sakawa a kanta.

Ladi: Ni kuma ina da ja a nan, Malam. In yaron ya samu aikin, zai zama a ƙarƙashin su Nasiru ne, akwai tabbatar da shi a aiki, akwai ƙarin girma. Buƙatar ba ta ƙare ba, sabuwa ce ta fara. In bai samu ba kuma zai iya sake nema baɗi. Ni a ganina muddin yana kan kujerar nan, kuɗi masu yawa daga gidan nan su dakata.

Malam Habu: In ya samu, ina tare da ke. In bai samu ba, ba zan haramta wa mutum alherin aminin ubansa saboda abin da wataƙila zai faru baɗi ba.

Hajiya Rabi: Ku bar baɗi tukuna. Nasiru, mahaifiyarka tana raye? Ta san da kuɗin?

Nasiru: Tana nan, Hajiya. Ƙanena ya riga ya gaya mata, har ta kira Baba ta yi godiya.

Hajiya Rabi: To ita za ka fara zuwa wa yau da daddare, kafin shi. In ta ji daga bakin matansa cewa ka mayar da abin da ita ta yi godiya a kai, ita ce za ta ji kunya, kuma ba za ta tsaya maka ba. Ka yi mata bayani yadda Malam ya tsara maka. In ta fahimta, wataƙila ma ita ce za ta san sa'an nasa da ya kamata a tura.

Sadiya: In kuma ta ce sam bai isa ya mayar ba fa? Uwa ce, kuma ita ma tana ganin bashin asibitin.

Nasiru: Wannan ita ce ban san yadda zan yi da ita ba. Takardar janyewa dai na rubuta, da safe zan miƙa wa shugaban kwamiti. Yanzu zan wuce wajen Hajiyarmu.